Ranar Da Riba Ke Komawa Bashi

Ƙannena masu koyon aikin akanta, da ku da aka fara danƙa wa littattafan kamfanin gida, akwai wata shigarwa da ba ta wuce layi biyu ba, amma yawancin sababbin hannu sai sun yi tuntuɓe da ita. Ita ce ta rabon riba ga masu hannun jari. Lissafin kansa ba wuya gare shi, yaron firamare ma zai iya ninka kwabo hamsin sau miliyan ashirin idan an ba shi lokaci. Wuyar tana wurin sanin rana. Rabon riba yana da ranaku da yawa, biyu daga cikinsu ne kawai ke motsa asusun rabon, kuma wanda ya kasa bambance su zai rubuta adadi daidai a ranar da ba daidai ba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kamfanin casar shinkafa ne a Kano, mai rajista, irin wanda sunansa ke ƙarewa da Ltd. Yana da hannun jari miliyan 20, kowanne a kan naira ɗaya. Miliyan 12 suna hannun mutane, 'yan uwa da abokan arziki, miliyan 8 kuma suna hannun wani kamfani. Shekarar lissafinsa tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba. A ƙarshen 2023, ribar da ya tara tun kafuwarsa, wadda ba a raba ba, ta kai naira miliyan 60. A manhajar lissafi za ku ga wannan asusu da sunan `Retained Earnings`. A banki kuwa abin da ke akwai naira miliyan 14 ne.

Ku tsaya a kan waɗannan adadi biyu, 60 da 14, domin a nan mai kamfani yakan fara rikicewa. Tarin riba ba tsabar kuɗi ba ne da aka kulle a wani ɗaki. Tuni ya zama injin casa, ya zama buhunan shanshera a sito, ya zama bashin da ke hannun dillalai. Miliyan 60 tana gaya muku iyakar abin da doka za ta bari a raba. Miliyan 14 tana gaya muku abin da aljihun kamfani zai iya ɗauka, shi ma ba dukansa ba, tunda akwai albashi da kuɗin dizal da sayen shanshera idan kaka ta yi. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta tsare ɓangarorin biyu. Ta ce ba a raba komai sai daga ribar da ta tabbata, bayan an cire asarar da ta tabbata. Idan an sake yi wa filin masana'anta kuɗi aka ga darajarsa ta ƙaru, wannan ƙarin ba ya shiga rabo, domin ba a sayar da filin ba. Ta kuma hana ayyana rabo ko biyansa idan akwai dalilin ganin cewa bayan biyan kamfani zai kasa sauke basussukansa a kan lokaci. Daraktocin da suka san daga uwar kuɗi suke yanka amma suka biya, ana iya sa su mayar da kuɗin daga aljihunsu. Saboda haka kafin ka kai hannu kan littafi, ka duba adadin nan biyu, idan ka ga ba su ɗauki rabon ba ka faɗa wa maigida cikin ladabi tun magana ba ta fita ba.

A ranar 20 ga Maris 2024 daraktoci suka zauna, suka amince da lissafin 2023, suka ba da shawarar a raba kwabo 50 a kan kowane hannun jari. Jimla naira miliyan 10 ke nan. Me za ka rubuta a ranar? Ba komai. Ka karɓi takardar ƙudurin zaman, ka adana ta, ka bar littafi yadda yake.

Na san wannan zai yi wa wasunku banbarakwai, musamman waɗanda suka yi karatu da littattafan Amurka. A can, da zarar hukumar daraktoci ta ayyana rabo ya zama bashi a kan kamfani, saboda haka littattafansu suke koyar da shigarwa a ranar zaman daraktoci. A Najeriya ba haka tsarin rabon ƙarshen shekara yake ba. Daraktoci shawara suke bayarwa, babban taron masu hannun jari ne ke ayyanawa. Taron yana da ikon rage abin da aka kawo masa, amma ba shi da ikon ƙarawa. Tunda ana iya ragewa, ana ma iya ƙin amincewa gaba ɗaya, to babu mai hannun jarin da zai iya kai kamfani ƙara a watan Afrilu ya ce yana bin sa kwabo 50. Abin da ba wanda ke bi kuwa ba a rubuta shi a matsayin bashi.

Wannan yana da tasiri a kan lissafin 2023 kansa. Rabon daga ribar 2023 ya fito, don haka hannu yakan yi ƙaiƙayin mayar da shi baya a rubuta shi a 31 ga Disamba. Tsofaffin akantoci da yawa da haka suka saba, domin a dā haka ake yi. Amma a ƙarƙashin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna IAS 10, wadda ta shigo mana da Najeriya ta fara bin tsarin IFRS daga 2012, rabon da aka ayyana bayan rufe shekara ba bashin wannan shekarar ba ne. Ana ambatonsa ne kawai a bayanan da ke biye da lissafi, a faɗi jimlarsa da abin da ya kama a kan kowane hannun jari. Idan ka ga miliyan 10 zaune cikin basussukan 31 ga Disamba 2023, alhali taro bai zauna ba sai Mayu, ka san odita zai fitar da ita.

Taron ya zauna ranar 16 ga Mayu 2024, ya amince da kwabo 50, a biya ranar 10 ga Yuni. Wannan ita ce rana ta farko da littafi ke motsi:

```
16/05/2024
Dr Retained Earnings    10,000,000
Cr Dividends Payable    10,000,000
```

Ku lura babu banki a cikin wannan shigarwa. Ko sisi bai fita ba. Abin da ya faru shi ne miliyan 10 ta tashi daga ɓangaren dukiyar masu kamfani ta koma ɓangaren bashin da ake bin kamfani. Jiya Hajiya mai hannun jari miliyan ɗaya mai kamfani ce kawai, ba ta da ikon buƙatar komai. Yau mai kamfani ce, kuma tana bin kamfanin naira dubu 500. Doka ta ɗauki rabon da aka ayyana a matsayin bashi na musamman wanda mai shi zai iya nema har cikin shekara goma sha biyu. Alkawari kaya ne, kuma daga wannan rana daraktoci ba su da ikon sauke shi don kawai farashin shanshera ya tashi.

Dukiyar masu kamfani kafin taron miliyan 80 ce, wato jari 20 da tarin riba 60, idan muka ajiye ribar sabuwar shekara gefe guda. Bayan taron ta koma 70. Kadarorin kamfani suna nan yadda suke, bashi ne ya ƙaru da 10. Wani zai ce tsakanin 16 ga Mayu da 10 ga Yuni ai kwanaki ne kaɗan, me zai hana a jira a rubuta komai lokaci guda? Abin da zai hana shi ne 31 ga Mayu tana tsakani. Idan bankin da ya ba kamfani rance ya nemi lissafin ƙarshen wata, kai kuma ba ka rubuta rabon ba, ka nuna masa miliyan 14 a asusu ba tare da ka gaya masa cewa 10 daga ciki tana da masu ita ba. Ba ka yi niyyar yaudara ba, amma takardar da ka miƙa ta yaudari mai karanta ta. Idan kuwa ƙarshen shekara ne ya faɗo tsakanin ranakun biyu, kuskuren yakan shiga lissafin da aka sa wa hannu.

Wasu kamfanoni ba sa taɓa asusun tarin riba kai tsaye. Sukan buɗe asusun wucin gadi, `Dividends Declared`, su zuba rabon a ciki, sai ƙarshen shekara su rufe shi zuwa tarin riba. Duk hanya ɗaya ce, kuma tana da amfani ga kamfanin da ke raba riba fiye da sau ɗaya a shekara. Abin da ba shi da hanya ko kaɗan shi ne kai rabo cikin kuɗaɗen kashewa, kusa da albashi da kuɗin wuta. Albashi ana biyansa ne don a samo riba. Rabo kuwa sai an gama samo ribar, an cire harajin kamfani, sannan ake yin sa. Wanda ya sa shi cikin kashe-kashe ya rage ribar shekara da abin da ba kashewa ba ne, idan kuma aka lissafa haraji a kan wannan ragaggiyar riba, wata rana sai jami'an haraji sun ƙwanƙwasa ƙofa.

Ba kowane kamfani ne dole ya yi babban taron shekara ba. Dokar 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni da masu mamallaki ɗaya wannan nauyi, kuma kamfanin da ba na jama'a ba yana iya zartar da ƙuduri a rubuce idan duk masu ikon ƙuri'a sun sa hannu. A irin wannan hali ranar da ƙudurin ya cika ita ce ranar shigarwarka. Ka nemi takardar. Maganar da Alhaji ya yi a waya cewa "a raba wa kowa rabonsa" ba ta ishe ka madogara ba, komai girmansa a gidan.

Akwai wata rana kuma da ba a rubuta mata komai, wato ranar tantance masu cancanta. Duk wanda sunansa yake cikin rajistar masu hannun jari a ƙarshen wannan rana shi ke da rabo. A kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwar NGX, yawanci wannan rana takan zo kafin taron, a rufe rajista na 'yan kwanaki, sannan a biya a ranar taron ko jim kaɗan bayansa. Idan wani ya sayar wa ƙaninsa hannun jarinsa aka sauya suna kafin ranar, ƙanin ne zai karɓa. Jimlar tana nan miliyan 10, sunan mai karɓa ne kawai ya sauya, shi ya sa jerin sunaye ke canjawa amma littafin lissafi ba ya motsi.

Sai ranar 10 ga Yuni. Bashin miliyan 10 ne, amma ba miliyan 10 za ta shiga asusun masu hannun jari ba. Doka ta ɗora wa kamfani cire kashi 10 cikin ɗari na rabon a matsayin haraji tun daga tushe, ya miƙa wa hukuma. Kwabo 50 ya koma 45 a hannun mai karɓa.

```
10/06/2024
Dr Dividends Payable    10,000,000
Cr Bank                  9,000,000
Cr WHT Payable           1,000,000
```

A wannan rana tarin riba bai motsa ba, ya riga ya ragu tun a Mayu. Wanda ya sake rage shi a ranar biya ya cire rabo ɗaya sau biyu. Abin da ya ragu yau shi ne kuɗin banki da kuma bashi. Miliyan ɗayan da aka riƙe kuwa ba harajin kamfani ba ne, ba ta kuma shiga cikin kashe-kashensa. Harajin masu hannun jari ne, kamfani ɗan aike ne kawai. Ba wuri ɗaya take zuwa ba. Naira dubu 400 da aka cire daga rabon kamfanin nan mai hannun jari miliyan 8 ta hukumar harajin tarayya ce. Dubu 600 da aka cire daga na mutane tana zuwa hukumar harajin jihar da kowannensu yake zaune, saboda haka idan ɗaya daga cikin 'yan uwan a Kaduna yake zama, nasa ba na Kano ba ne. Akwai wa'adin miƙawa, na tarayya a aikace shi ne 21 ga watan da ke biye, kuma jinkiri yana jawo tara. Ranar da ka miƙa, sai ka yi debit ɗin `WHT Payable` ka yi kiredit ɗin `Bank`, asusun ya koma sifiri. Za ku tarar da akantocin da ke ware harajin tun ranar ayyanawa, su rubuta miliyan 9 ga masu hannun jari da miliyan 1 ga hukuma. Jimlar bashin ba ta sauya ba, amma agogon wa'adin haraji yana iya fara bugawa da wuri, don haka ka san tsarin da kamfaninku ke bi ka kuma tsaya a kansa.

Yanzu a ce kuɗin Hajiya mai hannun jari miliyan ɗaya sun dawo bayan kwana biyu, saboda asusunta ya daɗe ba a taɓa shi ba banki ya rufe. Rabonta dubu 500 ne, an cire 50, abin da ya dawo dubu 450.

```
12/06/2024
Dr Bank                   450,000
Cr Unclaimed Dividends    450,000
```

Kuɗin sun dawo asusun kamfani, amma ba su dawo mallakarsa ba. Kada ka mayar da su cikin tarin riba, kada kuma ka rubuta su a matsayin wani kuɗin shiga don ka ga an kwana biyu ba wanda ya zo nema. Bashi ne har yanzu, sunansa kawai aka sauya don a riƙa ganinsa daban. Wannan ƙaramin abu shi ne asalin babbar matsalar rabon da ba a karɓa ba a kasuwar hannun jarin Najeriya: mutum ya sayi jari shekaru da yawa da suka wuce, ya sauya gari, ko ya rasu magada ba su san da shi ba. Shi ya sa hukumar SEC ta matsa a koma biyan rabo kai tsaye cikin asusun banki, kuma dokar kuɗi ta 2020 ta ce rabon kamfanonin da ke kasuwa wanda ya kai shekara shida ba a karɓa ba a mayar da shi wani asusun amana na gwamnati, inda mai shi zai iya zuwa ya nema. A kamfanin gida abin ya fi sauƙi, ka ɗaga waya ka nemi ɗan Hajiya ya kawo sabuwar lambar asusu.

Rabon tsakiyar shekara yana da nasa hukuncin. Wannan daraktoci ne ke yanke shi da kansu idan suka ga ribar da ake samu ta isa, ba a jiran babban taro. Amma tunda su suka yanke, suna iya janyewa kafin a biya, don haka yawancin akantoci ba sa rubuta shi sai ranar da aka biya. A nan ranaku biyun sun haɗe, debit yana tafiya kai tsaye kan tarin riba, kiredit kan banki da haraji. Tambayar dai ɗaya ce da ta ɗazu: shin kamfani yana da sauran ikon fasawa? Muddin yana da shi, bashi bai samu ba tukuna.

Wanda aiki ya kai shi Maraɗi ko Damagaram zai tarar da wannan tsari na ranaku biyu a ƙarƙashin dokar OHADA, da ƙarin sharuɗɗa biyu. Dole a fara ware kashi 10 cikin ɗari na ribar shekara zuwa ajiyar da doka ta wajabta har sai ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jari, kuma dole a biya rabon cikin wata tara daga rufe shekara. Asusun rabon da ake bin kamfani a tsarin lissafinsu lamba 465 ne.

Abin da ya fi yawa a kamfanonin gida ban taɓo shi ba tukuna. Babban mai hannun jari yakan riƙa ɗibar kuɗi cikin shekara, yau kuɗin makarantar yara, gobe kuɗin Umra, idan ka tambaya a ce maka ai daga ribarsa ne. Kafin a ayyana rabo, waɗannan kuɗi ba rabo ba ne. Bashi ne kamfani ke bin sa, kuma a asusun darakta ake rubuta su. Idan Alhaji yana da hannun jari miliyan 6, rabonsa miliyan 3 ne, bayan haraji miliyan 2 da dubu 700. Idan ya riga ya ɗebi miliyan 2, kuma an amince a rubuce a cire daga rabonsa, to a ranar biya za ka yi kiredit ɗin asusun darakta da miliyan 2, banki ya fitar masa da dubu 700 kawai. Harajin dubu 300 yana nan a kan cikakken rabon, ba a kan ragowar da ta bi ta banki ba. Wannan magana ba ta da daɗin faɗi ga wanda yake biyanka albashi, shi ya sa ya fi kyau a nuna masa ita a takarda kafin ranar taro, ba bayan ya ga saƙon banki ba.

Asusun `Dividends Payable` da kansa yana tona kurakurai idan ka iya karanta shi. Abin da aka buɗe shekara da shi, haɗe da abin da aka ayyana, a cire abin da aka biya, dole ya yi daidai da jerin sunayen waɗanda ba su karɓa ba, mutum da mutum, ban da waɗanda kuɗinsu suka koma `Unclaimed Dividends`. Idan bayan biya ka ga saura miliyan ɗaya cif, kashi 10 na rabon, to an manta a mayar da haraji asusunsa, kuma mai yiwuwa ba a miƙa shi ba. Idan ka ga miliyan 10 tana zaune cikakkiya alhali kowa ya karɓa, an kai biyan wani wuri, sai ka nemi miliyan 9 cikin kashe-kashen watan Yuni ko cikin tarin riba. Idan kuma asusun ya kife ya koma ɓangaren debit, an rubuta biya ba a rubuta ayyanawa ba, ko kuma an biya abin da ba a taɓa ayyanawa ba, wanda ya fi muni, domin na farko gyaran layi biyu ne, na biyu kuwa sai an koma ga daraktoci da lauya.

A lissafin ƙarshen 2024 rabon zai bayyana a wurare daban-daban da adadi daban-daban, kuma duk daidai ne. Bayanin sauye-sauyen dukiyar masu kamfani zai nuna miliyan 10, abin da aka ayyana. Bayanin shigar kuɗi da fitarsu zai nuna miliyan 9 da dubu 550, wato abin da ya fita da gaske zuwa ga masu hannun jari da hukumomin haraji, idan Hajiya ba ta karɓa ba har Disamba. Bambancin dubu 450 za ka same shi cikin basussukan da ake bin kamfani. A bayanin riba da asara kuwa ba za ka ga rabon ba ko a layi ɗaya.